Da Bature ya raba wa alƙalin Omdurman aikinsa

Yau hirar tamu za ta kai mu gabas, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, wato Khartum da Omdurman a ƙasar Sudan. Da yawanku kun san hanyar, ko dai kakanninku sun bi ta da ƙafa zuwa aikin Hajji, ko kuma kuna da dangi a Mai Wurno da Gadarif har yau. Abin da za mu duba shi ne yadda Turawan Ingila suka yi da shari'a da alƙalai da malamai bayan sun ci ƙasar, da kuma yadda abin ya biyo hanya har ya iso Kano.

Mu fara da abin da suka tarar. Tun zamanin sarautar Sinnar mutanen Sudan 'yan Malikiyya ne kamar mu, Risala da Muhtasar suke karantawa a gaban malamansu, waɗanda su suke kira faki. A shekarar 1821 sojojin Muhammadu Ali na Masar suka ci ƙasar, suka zo da alƙalan gwamnati masu hukunci da mazhabar Hanafiyya, don ita ce mazhabar daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sai Mahadi Muhammadu Ahmad ya tashi, ya ci Khartum a watan Janairu na 1885. Shi kuwa ya ajiye mazhabobin gaba ɗaya, ya soke ɗariƙu, ya ce hukunci daga Alƙur'ani ne da Hadisi da takardun umurnin da shi kansa yake fitarwa. Bayan rasuwarsa Halifa Abdullahi ya riƙe Omdurman shekara goma sha uku, har ranar 2 ga Satumba 1898 da Kitchener ya karya rundunarsa a Karari, arewa da garin kaɗan. Turawa suka rushe ƙubbar Mahadi. A watan Janairu na 1899 aka rattaba hannu a yarjejeniyar da ta ce Ingila da Masar za su mulki Sudan tare, amma kowa ya san wane ne mai gida, wane ne ɗan rakiya.

To, ka ga Baturen da ya zauna a Khartum ba shari'a yake tsoro ba. Abin da ke hana shi barci shi ne malamin ƙauye mai almajirai, wanda zai iya tashi dare ɗaya ya ce shi ne Annabi Isa da zai zo bayan Mahadi, jama'a su bi shi da masu. Wannan tsoron shi ne mabuɗin duk abin da suka yi. Kitchener ya aika wa gwamnonin larduna takarda cewa kada a taɓa addinin mutane, a gyara manyan masallatan birane, amma kada a bari a sake tayar da zawiyoyi da ƙananan masallatan shaihunai da ƙubbobinsu, domin a ganinsa nan ne fitina ke ƙyanƙyashewa. Wato akwai Musuluncin da gwamnati za ta ciyar, akwai wanda za ta sa wa ido.

Yanzu mu zo kan kotu, nan ne zancen ya fi shafar mai dabba da mai kaya.

A 1899 aka kafa dokar laifuffuka ta Sudan. Ba daga Muhtasar aka ɗauko ta ba, daga dokar da Ingila ta rubuta wa Indiya ce aka kwaikwayo. Saboda haka kisan kai, sata, rauni, fashi, duk sun fita daga hannun alƙalin shari'a tun ranar farko. A 1900 aka yi dokar shari'un dukiya, wato ciniki da bashi da haya da jingina. Ita ma ta koma hannun joji da jami'in gunduma. A cikinta akwai wata gaɓa da ta ce idan babu rubutacciyar doka kan wata matsala, mai shari'a ya yi hukunci da abin da ya ga adalci ne kuma lamirinsa ya kwanta da shi. Da jin wannan sai ka ce ai ƙofa ce a buɗe, ana iya shigo da fiƙihu ta nan. Ina! Jojin da ya yi karatu a Ingila, adalcin da ya sani shi ne dokar Ingila, ita ya riƙa zubawa ta wannan ƙofa shekara da shekaru.

Me ya rage wa alƙali? Dokar kotunan Musulunci ta 1902 ta lissafa masa: aure, saki, riƙon yara da waliccinsu, dangantaka, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi, da kula da dukiyar wanda ya ɓace ko wanda hankalinsa bai cika ba. Akwai wata 'yar taga da aka bari, cewa alƙali na iya sauraron wata ƙara dabam idan duk masu ƙarar sun rubuta sun sa hannu cewa sun yarda a yi musu hukunci da shari'a. Amma kai ma ka san halin mutane. Wanda ya san ba shi da gaskiya a gaban alƙali ba zai sa hannu ba.

Bari in ba ka misali da abin da ka sani, don ka ga yadda rabon ya kasance a aikace. A ƙaddara wani makiyayi ne daga yamma, ya saba koro shanu zuwa kasuwar dabbobi ta Omdurman. Allah ya yi masa rasuwa ya bar shanu 48, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Wani ɗan kasuwa ya fito ya ce yana bin mamacin kuɗin gero da sukari da suka kai darajar shanu 8, ɗan fari kuma ya ce bai san zancen ba. A tsarin fiƙihu yadda muka san shi, alƙali ɗaya ne zai zauna ya gama komai. Zai nemi shaidu a kan bashin, in ya tabbata a fitar da shanu 8 tukuna, domin bashi yana gaban gado. Saura 40. Matar ta ɗauki tumuni, shanu 5. Saura 35, a kasa biyar tunda namiji yana da rabon mata biyu: kowane ɗa ya sami 14, 'yar ta sami 7. An gama, a yi fatiha a tashi.

A ƙarƙashin tsarin Bature kuwa, alƙali yana da ikon cewa ga magada ga rabon kowa, amma jayayyar bashin ciniki ta kotun joji ce, inda ake auna shaida da wani ma'auni dabam. In a cikin wannan tsakanin aka sace biyu daga cikin shanun, wannan ƙara ta uku ce, ta kotun laifi, kuma hukuncinta ɗauri ne ko tara. In kuma rigima ta tashi kan rijiyar da garken ke sha ko makiyayar da yake kwana, sai a nufi wurin shugaban ƙabila a yanke da al'ada. Garke ɗaya, ƙofa huɗu. Kai da ka san wahalar barin dabbobi kwana uku don zuwa gari, ka san abin da wannan ke nufi. Kuma mutane suna kallo, suna gane wace kotu ce mai 'yan sanda da gidan yari, wace ce ta rabon gado da sasanta ma'aurata. A hankali girman alƙali ya ragu a idon jama'a, har a albashi ma alƙalan shari'a suna bayan takwarorinsu na ɗaya ɓangaren.

Sai tambaya ta biyu: ko a cikin ɗan abin da aka bar masa, da wane littafi alƙali zai yi hukunci, kuma wa ke sama da shi?

A saman kotunan akwai Alƙalin Alƙalai, yana zaune a Khartum. Gwamna Janar ne ke naɗa shi, kuma yana aiki ne ƙarƙashin Sakataren Shari'a, wanda Bature ne. Na farkon waɗannan sakatarori shi ne Bonham Carter, ya daɗe a kujerar. Daga 1900 har 1947 duk wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalai Bamisire ne. Kada ka ɗauka ƙananan malamai aka turo. Na farko shi ne Shaihu Muhammad Shakir. Shaihu Muhammad Mustafa al-Maragi ya riƙe daga 1908 zuwa 1919, daga baya ya zama Shaihun Azhar har sau biyu. Na ƙarshensu, Shaihu Hasan Ma'mun, shi ma ya zama Muftin Masar sannan Shaihun Azhar. Sai a 1947 ɗan ƙasa ya hau kujerar, Shaihu Ahmad al-Tahir.

Ƙa'idar aikin kotunan da aka fitar a zamanin al-Maragi ta ce a yi hukunci da zance mafi rinjaye a mazhabar Hanafiyya, sai fa inda Alƙalin Alƙalai ya ba da wani umurni dabam a cikin takarda mai zagayawa, wadda suke kira manshur. Tsaya ka ji abin da ke cikin wannan magana. Jama'a 'yan Malikiyya ne, suna alwala da salla da azumi da ɗaurin aure bisa Malikiyya, amma in sun shiga kotu da Hanafiyya za a yi musu hukunci. Kuma mutum ɗaya, da amincewar Gwamna Janar wanda ba Musulmi ba ne, yana iya sauya hukuncin da ake bi a duk faɗin ƙasar da takarda guda.

Bambancin mazhabobin nan ba na baki ba ne kawai, yana taɓa dukiya da aure. Ga mutum ya rasu bai bar kowa ba sai 'ya mace ɗaya. A Hanafiyya za ta ɗauki rabi, sauran rabin ma a mayar mata. A asalin zancen Malikiyya rabi take ɗauka, sauran ya tafi baitulmali. Ga kuma mace baliga mai hankali: Hanafiyya ta yarda ta ɗaura wa kanta aure da tsaranta, Malikiyya ta ce babu aure sai da waliyyi.

Amma inda abin ya fi ciwo shi ne matar da miji ya tafi ya bari. Ku fatake da makiyaya kun san wannan matsala fiye da kowa. Mutum ya bi shanu kudu, ko ya bi ayari, ko ya tafi Hajji ta ƙasa, shekara biyu, uku, biyar, babu saƙo babu ko mudun dawa. A Hanafiyya alƙali ba ya raba aure saboda rashin ciyarwa. Abin da zai yi shi ne ya yanka mata abin ci ya ce ta ci bashi da sunan mijin. To wa zai ba ta bashi da sunan mutumin da ba a san inda yake ba? In kuma mijin ya ɓace ɗungum, ba a hukunta mutuwarsa sai sa'o'in haihuwarsa sun ƙare, waɗansu malaman mazhabar suka ƙiyasta shekara casa'in daga haihuwarsa. Yarinya mai shekara ashirin ta zauna ke nan, ba ita ga aure ba ita ga zawarci, har furfura.

Malikiyya tana da mafita tun da can. In miji ya bar dukiyar da za a ciyar da matar amma labarinsa ya yanke, ta kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma ta yi aurenta. In kuwa bai bar komai ba, ba sai ta jira shekara huɗu ba. Ta kawo shaidun aure da na tafiyarsa, ta rantse bai bar mata abinci ba bai aiko ba, alƙali ya ɗan jinkirta gwargwadon yadda ya ga ya dace, sannan ya sake ta a madadin mijin. Sakin kuma na kome ne: in mijin ya dawo tana cikin idda ya nuna yana da abin ciyarwa, matarsa ce. Haka kuma in miji yana cutar da ita da duka ko zagi, tana iya neman rabuwa, a naɗa masu sulhu biyu daga dangin kowane ɓangare.

Al-Maragi ya ga wannan wahala a gaban kotunansa, sai ya fitar da manshur mai lamba 17 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Takardar ta buɗe wa mata ƙofar neman saki saboda rashin ciyarwa, da doguwar tafiyar miji, da cutarwa, duk bisa zancen Malikiyya. Masar kanta ba ta yi irin wannan gyara ba sai a 1920 da 1929. Waɗanda suka biyo bayansa suka ci gaba. A 1933 manshur na 35 ya mayar da sha'anin waliyyi kan Malikiyya, saboda iyaye ba su taɓa amincewa da auren da babu waliyyi ba. A 1935 manshur na 41 ya ce saki uku a kalma ɗaya saki ɗaya ne, kuma sakin mashayi da na wanda aka tilasta ba su aukuwa. Wannan na saki uku ba Hanafiyya ba ne ba Malikiyya ba, an ɗauko shi ne daga wajen zancen da mazhabobi huɗu suka shahara da shi.

Ni a ganina manshur na 17 alheri ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin matar da aka bari a ruga da yara ba zai yi musu ba. Amma dubi ta inda alherin ya shigo. Hukuncin nan yana cikin littattafan da fakin ƙauye ya haddace tun yana yaro, shi ne abin da kakannin mutanen suka sani. Duk da haka bai zama doka ba sai da wani ma'aikaci a Khartum ya rubuta, aka sa lamba, Bature ya amince. A da, in an ce mene ne hukunci, sai a ce malam wane ya ce, ya karanta a wurin wane, ga nassin Halil. Yanzu sai a ce manshur na nawa. Ikon faɗar shari'a ya tashi daga zauren malam ya koma ofis, kuma ofis na mai mulki ne, ko wane ne shi.

Su malaman kuma fa? A 1901 Gwamna Janar Wingate, da taimakon Slatin wanda ya yi shekaru yana tsare a hannun Halifa ya san kowa a Omdurman, ya kafa majalisar malamai a garin ƙarƙashin Shaihu Muhammad al-Badawi. Aikinta shi ne ta ba gwamnati shawara kan addini. A gaskiya dai, abin da aka fi buƙata daga gare ta shi ne hatimi: in an kama wani faki yana wa'azin Mahadiyya, malamai su ce ɓatacce ne, don kada a ce Kirista ne ya hukunta Musulmi a kan addininsa. An riga an gwada hakan tun 1900, lokacin da aka kama Ali Abdulkarim, ɗan'uwan Mahadi, da mabiyansa a Omdurman, malamai suka yi tir da koyarwarsa, aka kai shi Wadi Halfa aka tsare. A 1908 Abdulƙadir Wad Habuba ya yi bore a Jazira, aka kashe wani jami'in Bature da ma'aikacin Masar, aka kama shi aka rataye. Shekara biyu ke nan bayan Satiru a ƙasar Sakkwato, kuma Turawan Khartum da na Najeriya suna sa ido ƙwarai kan mutanenmu masu bin hanyar gabas, musamman bayan mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira daga Burmi sun zauna a bakin Shuɗin Nilu tare da ɗansa Mai Wurno.

Wajen karatu ma an raba gida biyu. A kwalejin Gordon da aka buɗe a Khartum a 1902 aka ware sashen horar da alƙalai, masu albashi da ƙarin girma da fansho. A hayin kogi kuma, a masallacin Omdurman, aka tsara makarantar ilimi a 1912, wadda suke kira Ma'ahad, bisa salon Azhar, ƙarƙashin Shaihu Abul Ƙasim Ahmad Hashim. Ɗan'uwansa Shaihu al-Tayyib shi ne Mufti, kuma dukansu biyu sun yi aiki a zamanin Mahadiyya kafin su yi wa sabuwar gwamnati. Ɗaliban Ma'ahad sun fi zurfi a littattafai, amma manyan kujerun alƙalanci na 'yan Gordon ne. Su sai limanci da wa'azi da koyarwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙorafi ya daɗe. Ita wannan makaranta ce ta zama Jami'ar Musulunci ta Omdurman daga baya.

To shin dabarar ta ci? Wajen riƙe kotu ta ci. Wajen riƙe zukatan jama'a ba ta ci ba, kuma Turawan da kansu suka gane haka a 1914. Da Turkiyya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Sarkin Istanbul ya yi kiran jihadi, Wingate ya tara malamai da manya suka yi mubaya'a a rubuce. Amma ya san fatawar malamin da ke karɓar albashi ba za ta hana Baggara na Kordofan tashi ba. Wanda suke ji shi ne ɗan Mahadi, Sayyid Abdurrahman, wanda gwamnati ta yi shekaru tana ƙuntata masa a Omdurman. Sai aka sake masa mara ya zaga cikin mabiyan ubansa ya kwantar da su, tunda su dama ba sa ƙaunar Turkawa. A 1919 aka kai tawaga London don taya Sarki George na Biyar murnar cin yaƙi. Shugabanta Sayyid Ali al-Mirgani ne na ɗariƙar Hatmiyya, akwai Sharif Yusuf al-Hindi, akwai manyan malamai da shugabannin ƙabilu, akwai kuma Sayyid Abdurrahman, wanda ya miƙa wa Sarkin takobin da aka ce na mahaifinsa ne, Sarkin ya mayar masa. Daga nan ya bunƙasa da noman auduga a tsibirin Aba, inda dubban mutanen yamma, har da namu, suka je suka yi masa aiki don neman albarka. Da siyasar jam'iyyu ta zo, jam'iyyar Umma da aka kafa a 1945 ta jingina da shi, masu son haɗewa da Masar suka jingina da Sayyid Ali. Majalisar malaman da Bature ya gina da hannunsa ba ta da rundunar da za ta kai ko rumfar zaɓe ɗaya. Shaihunan da aka so a rage wa ƙarfi su suka fito da jama'a a bayansu.

Akwai kuma wani juyi da ya shafi makiyaya kai tsaye. A 1924 aka yi tarzoma a Khartum, aka kashe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira a watan Nuwamba, Ingila ta kori sojojin Masar daga Sudan. Daga nan Turawa suka daina amincewa da 'yan boko, har da alƙalan da suka horar da kansu, don suna ganin duk iskar Masar ta taɓa su. Suka juya ga shugabannin ƙabilu, suna kwaikwayon mulkin En'e na Arewacin Najeriya. Dama tun 1922 an yi dokar da ta ba shaihunan makiyaya ikon shari'a, aka faɗaɗa ta a 1927, aka yi dokar kotunan gargajiya a 1932. A karkara da yawa aure da gado ma suka koma gaban nazir, wato babban shugaban ƙabila, wani lokaci da malami a gefensa yana ba shi shawara, aka rufe waɗansu kotunan alƙalai. Ga Babaggare mai bin ruwa da ciyawa wannan ya fi sauƙi, kotu tana tafiya tare da shi, mai shari'a ya san saniya ya san diyya. Amma 'ya mace da ke neman rabonta na shanu a gaban shugaban da ke hukunci da al'adar ƙabila ba kullum take samun bakwai ɗin nan da muka lissafa ba.

Yanzu mu dawo gida. A Arewacin Najeriya Lugard bai yi irin rabon Khartum ba. Ya bar wa sarakuna da alƙalai shari'ar laifi har da ta kisan kai, ya dai hana yanke hannu da makamantansa, kuma hukuncin kisa sai gwamna ya tabbatar. A Nijar Faransa ta bi wata hanya, ta lissafa shari'a a cikin al'adun gari, kwamanda ya zauna a kujera, malamai na gefe suna faɗa masa abin da al'ada ta ce. Amma Sudan ita ce makarantar da Turawan Kaduna suka riƙa leƙawa. Da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934, bayan Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Wazirinsa da sauran manya sun ga bukatar hakan, daga Sudan aka ɗauko malamai, cikinsu har da Shaihu Bashir al-Rayyah. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Shaihu Abubakar Gumi ya yi karatu a cikinta, ya kuma je Baht al-Ruda a Sudan ƙarin karatu.

Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958 don su duba tsarin shari'ar Arewa. Shugaban kwamitin shi ne Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan da Farfesa Anderson na London da 'yan ƙasa. Shawarar da suka bayar ita ce a bi sawun Sudan: a rubuta dokar laifi guda ɗaya ga kowa, a bar wa shari'a sha'anin iyali da abin da ya danganci haka. Dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 daga ta Sudan aka ɗauko ta, ita kuma daga ta Indiya. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, ikonta a kan aure da saki da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, kusan jerin nan da muka karanta na 1902. Bambancin da ya rage shi ne mu Malikiyyarmu aka bar mana, ba a ɗora mana wata mazhaba ba. Shugaban kotun kuma aka ba shi muƙamin Alƙalin Alƙalai kamar na Khartum, kujerar da Shaihu Abubakar Gumi ya hau a 1962.